Kullum falsifarum nake rubutawa: yaya ake bambance sauran nau'o'in maleriya a gilashi?

Tambaya: Malam, ina aiki a ɗakin gwaji na wani ƙaramin asibiti. Ina iya gane ko akwai maleriya a jini ko babu, amma duk gilashin da na ga zobe a kai falsifarum nake rubutawa, don shi na ga kowa na rubutawa. Shimfiɗar jini mai kauri kawai muke yi, siririyar sai jefi-jefi. Ta yaya zan gane obale, malariye ko bibaks idan sun zo gabana?

Amsa: Ɗan'uwa, a yawancin gilasan da ka sa wa hannu ka yi daidai, domin a ƙasar Hausa da sauran Afirka ta Yamma falsifarum ne ke da fiye da tara cikin goma na maleriyar da ake gani. Sai dai ka yi daidai ne don shi ya fi yawa, ba don ka gane shi ba. Ragowar kuma, malariye da obale, ba kasafai suke zuwa su kaɗai ba. Sukan laɓe a cikin gilashin da falsifarum ya riga ya cika, kai kuma da ka ga zoben farko ka ɗaga kai ka ɗauki biro. Saboda haka abin da ya kamata ka riƙa tambayar kanka a kan kowane gilashi shi ne: ban da falsifarum, akwai wani a nan?

Mai kauri ita kaɗai ba za ta ba ka wannan amsar yadda hankalinka zai kwanta ba. A shimfiɗa mai kauri ba a kafe jinin da metanol, don haka ruwan rini yana fasa jajayen ƙwayoyin jini su narke, a bar maka fararen ƙwayoyi da filatilet da farasayit tsirara. Jinin da ke fili ɗaya nata ya ninka na siririya sau ashirin ko fiye, shi ya sa ita ce ke gaya maka akwai ko babu, ita ce kuma ake ƙirge a kanta. Siririya kuwa an kafe ta, jajayen ƙwayoyin suna nan da siffarsu, farasayit yana zaune a ciki. Jar ƙwayar nan ita ce gidan farasayit, kuma rabin shaidar da ake raba nau'o'in da ita a jikin gidan take, ba a jikin mai gidan ba. Wanda ya bar siririya ya zubar da rabin shaidarsa kafin ma ya zauna gaban madubi. Ka riƙa yin duka biyun a gilashi ɗaya, mai kauri kusa da inda ake rubuta lamba, siririya ta miƙe zuwa ɗaya ƙarshen.

Kafin mu shiga siffofi, bari in daɗe kaɗan a kan rini, domin na sha ganin ma'aikaci mai ido yana zargin kansa alhali ruwansa ne ya ci amanarsa. Rinin da ake amfani da shi, Jimsa, yana son ruwa mai pH 7.2. Ɗige-ɗigen da ke bayyana a jikin jar ƙwaya idan obale ko bibaks na ciki, waɗanda ake kira ɗigon Shufna, ba sa fitowa idan ruwan ya yi tsami. Ruwan famfo, na rijiya ko na leda, babu wanda ka san matsayinsa, kuma yana iya canzawa daga mako zuwa mako. A ruwa mai tsami za ka ga jajayen ƙwayoyi sun yi jawur, jikin farasayit ya koɗe, ɗigo babu. A ruwan da ya zarce ta ɗaya ɓangaren komai sai ya koma shuɗi mai toka-toka, jan ɗigon farasayit ya dushe. Ka nemi ƙwayar bafa ta 7.2, wadda ke daidaita tsamin ruwa, ka narka a tataccen ruwa gwargwadon abin da aka rubuta a kwalbarta. Idan kana son sanin ko rininka ya yi kyau, kada ka fara da farasayit, ka dubi farar ƙwaya: cibiyarta ta fito shunayya mai duhu, filatilet su yi ruwan hoda mai shunayya, jajayen ƙwayoyi a siririya su yi ruwan hoda mai ɗan toka. In waɗannan sun fito haka, duk abin da ke cikin jinin zai fito.

Haɗin gaggawa shi ne kashi 10 cikin ɗari, wato mililita 1 na Jimsa a mililita 9 na ruwan bafa, minti 10. Na sannu kashi 3 cikin ɗari ne, minti 45 zuwa awa ɗaya, kuma shi ya fi fito da ɗigo da kyau. Ni dai idan gilashi ya ba ni shakka, nakan rina na biyu da na sannu. A haɗa rinin a lokacin da za a yi amfani da shi, kada a bar na safe ya kai yamma. Wajen wankewa kada ka fara tsiyaye rinin, ka zuba ruwa a hankali ya kore shi daga sama, in ba haka ba kumfar nan mai ƙyallin kore za ta kwanta a kan jinin ta bar maka dusa mai kama da farasayit. Metanol ya taɓa siririya kawai, na 'yan daƙiƙoƙi. Ko tururinsa ya isa ya kafe mai kauri, haka ma zafin rana idan ka shanya gilashi a bakin taga. Sai ka rina ka tarar jajayen ƙwayoyin sun ƙi fashewa, fili ya yi duhu ba a ganin komai. Da damina metanol yana shan danshi idan an bar kwalba a buɗe, sai jajayen ƙwayoyi su fito da ramuka masu ƙyalli kamar zobba. Da hunturu ƙura ce, a kowane lokaci kuma ƙuda, wanda ke lashe mai kauri kafin ta bushe. Rufe gilashi yayin da yake bushewa ba ƙawa ba ce. Kaurin da ake so shi ne wanda za ka ɗora jiƙaƙƙen gilashin a kan jarida ka iya hango rubutu ta cikinsa da ƙyar.

Jinin yatsa da aka shimfiɗa nan take ya fi na kwalbar EDTA. In dole na kwalba ne, a shimfiɗa cikin awa ɗaya. Idan ya jima, ɗigon Shufna yana ɓacewa, farasayit yana canza siffa, har gametosayit ɗin falsifarum, wato matakinsa mai kamar ayaba da sauro ke ɗauka, yakan dunƙule ya zama kewayayye, ka rantse malariye ne.

To, ka sa mai, ka juyo ido mai lamba 100, ka fara da mai kauri. Abu na farko, kada ka kira komai farasayit sai ya haɗa jan ɗigo, wato kuromatin, da jiki shuɗi a manne da shi ko kusa da shi, su biyun suna fitowa sarai a lokaci guda idan ka murɗa. Manya suna da shaida ta uku, figiment, wato baƙin gari ko mai ruwan ƙasa da farasayit ke tarawa daga jinin da ya ci. Ja babu shuɗi ba farasayit ba ne. Filatilet tana da tsaba-tsaba ruwan hoda, ba ta da zobe shuɗi, kuma idan ta hau kan jar ƙwaya a siririya takan yi farin da'ira a kewayenta. Masu sikila kuma, da muke da su da yawa, jajayen ƙwayoyinsu sukan ɗauki wani ɗigo guda kewayayye mai duhu, saura ne na cibiya da saifa ta kasa tsincewa. Ba shi da jiki shuɗi ko kaɗan, amma ya sa an rubuta wa yara da yawa maleriyar da ba su da ita.

Da ka tabbata akwai farasayit, kada ka tsaya kan guda ɗaya. Ka wuce fili ashirin ko talatin kana kallon taron gaba ɗaya: iri ɗaya ne ko gauraye? A nan falsifarum yake tona kansa. Idan ya wuce matakin zobe, jar ƙwayar da yake ciki takan manne a bangon ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa, hanji, mahaifa da sauransu, ta daina yawo. Don haka abin da ke zuwa yatsa ƙananan zobba ne kusan girma ɗaya, sirara, wasu kamar waƙafi, wasu da jan ɗigo biyu, sau da yawa birjik a fili, sai kuma ayaba nan da can. Sauran nau'o'in ba sa ɓuya haka, don haka kowane mataki nasu yana yawo a jini: ƙaramin zobe, babban turofozoyit mai figiment, shizon mai 'ya'ya, duk a gilashi ɗaya, kuma yawanci ba su da yawa. Idan kana cikin tekun ƙananan zobba sai ga wani dunƙulalle, babba, mai figiment, ka dakata. Abu biyu ne: ko wani nau'in ne ya shigo, ko kuwa falsifarum ne ya yi yawa har manyansa suka fito fili, wanda alama ce ta ciwo mai tsanani da ya kamata likita ya ji nan take, ba sai takarda ta isa gare shi ba. Siririya ce za ta raba maka gardama.

Mai kauri tana ba da ishara kafin nan. Malariye a cikinta ƙarami ne, dunƙulalle, mai duhu, figiment ya yi masa yawa tun yana ƙarami har yakan rufe jan ɗigon, kuma shizon ɗinsa yakan fito da 'ya'ya kamar takwas sun kewaye tarin figiment a tsakiya. Obale da bibaks kuwa, idan ka je gefen shimfiɗar inda ta fi siriri ta kuma fi saurin bushewa, za ka ga farasayit zaune cikin wata inuwa ruwan hoda, fatalwar jar ƙwayar ce da ɗigonta. Ganin wannan inuwar yana cewa ɗaya daga cikin biyun ne, ba ya cewa wanne.

Yanzu siririya. Wurin dubawa shi ne kusa da wutsiya, inda jajayen ƙwayoyi ke kwance gefe da gefe ba su hau juna ba, kuma har yanzu suna da ɗan haske a tsakiyarsu. Can ƙarshen wutsiya sun baje sun lalace, can gindi sun cunkushe. Ka bi gefuna ma, domin manyan ƙwayoyi sukan taru a can lokacin da ake jan jinin. Idan ka sami mai farasayit, ka ɗauke idonka daga farasayit ɗin tukuna, ka gwada ƙwayar da maƙwabtanta marasa komai. Ta fi su girma, daidai take da su, ko ta fi su ƙanƙanta? Wannan tambaya ɗaya ta raba nau'o'i huɗu gida biyu. Obale da bibaks suna shiga sabbin jajayen ƙwayoyi ne, su kumbura su, su koɗar da launinsu, su yayyafa musu jajayen ɗigo. Malariye tsofaffin ƙwayoyi yake so, don haka tasa daidai take da saura ko ma ta ɗan fi su ƙanƙanta, ba ɗigo. Falsifarum ba ya zaɓe, yana shiga kowace, ba ya kuma kumbura ta.

Idan ƙwayar ba ta kumbura ba, tsakanin falsifarum da malariye kake. Zoben falsifarum siriri ne, ƙarami, bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na faɗin ƙwayar ba. Za ka ga biyu ko uku a ƙwaya ɗaya, za ka ga mai jan ɗigo biyu, za ka ga wanda ya lafe a bakin ƙwayar kamar an liƙa shi daga waje. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya keɓanta da shi ɗari bisa ɗari, amma idan suka taru a gilashi ɗaya magana ta ƙare. Ayaba kuwa tasa ce shi kaɗai. Zoben malariye kakkaura ne, guda ɗaya a ƙwaya, kuma da ya ɗan girma sai ya dunƙule ko ya miƙe ya ratsa ƙwayar daga gefe zuwa gefe kamar ɗamara, da figiment mai kaushi, baƙi-baƙi, a jere a gefensa. Ɗamarar nan shaida ce mai ƙarfi, sai dai ba kowane gilashin malariye ke nuna ta ba, kada ka jira ta. Shizon ɗinsa 'ya'ya 6 zuwa 12 ne, galibi 8, a kewaye da figiment.

Akwai tarko ɗaya a nan da ya kama mutane da yawa. Zoben falsifarum da ya ɗan manyanta yakan yi kauri, kuma idan rininka ya yi kyau jar ƙwayar za ta nuna wasu jajayen tabo da ake kira tsagar Mora. Sabon ma'aikaci da ya gyara ruwansa karo na farko yakan ga waɗannan ya yi murna ya rubuta obale. Bambancin a bayyane yake idan ka san shi. Tabon Mora 'yan kaɗan ne, ana iya ƙirga su, manya ne, ba girma ɗaya ba, a warwatse. Ɗigon Shufna ƙanana ne, ba sa ƙirguwa, sun rufe ƙwayar ko'ina daidai wa daida. Kuma ƙwayar mai tabon Mora ba ta kumbura ba.

Idan ƙwayar ta kumbura tana da ɗigo, tsakanin obale da bibaks kake, kuma wannan ita ce rabuwa mafi wuya a aikin gaba ɗaya. Ƙwararru ma suna saɓani a kanta. Bibaks yana kumbura ƙwaya sosai, har ta kusa ninka maƙwabtanta, takan kuma lanƙwashe ta bi siffar waɗanda ke kewaye da ita. Shi kansa farasayit ɗin ba ya zama wuri ɗaya, jikinsa a yage yake, ya miƙa ƙafafu nan da can, da babban rami a tsakiya, figiment ɗinsa kuma laushi ne mai ruwan zinariya. Shizon ɗinsa 'ya'ya 12 zuwa 24 ne. Obale kumburinsa kaɗan ne, kamar ƙarin rubu'i. Farasayit ɗin a dunƙule yake, kamar malariye aka saka a ƙwaya mai ɗigo. Ɗigonsa sun fi na bibaks kauri da duhu, suna kuma fitowa tun yana zobe. Wasu daga cikin ƙwayoyin sukan yi siffar ƙwai, gefe ɗaya ko duka biyu a yayyage kamar bakin tsumma. Shizon ɗinsa 'ya'ya ne kamar 8, ba ya kai na bibaks. Idan Allah ya ba ka shizon da ya nuna, ka ƙirga 'ya'yan: idan sun kai 18 ko fiye, da wuya ya zama obale.

Siffar ƙwai kaɗai kada ta ruɗe ka. Idan hannunka ya ja jinin da ƙarfi, duk ƙwayoyin wurin za su miƙe su fuskanci gefe ɗaya, masu farasayit da marasa shi. Abin da ake nema shi ne mai farasayit ta yi ƙwai alhali maƙwabtanta suna kewayayyu.

A nan ne tambayar inda majiyyaci ya fito take da amfani. Yawancin mutanen Afirka ta Yamma ba su da wani sinadari a jikin jajayen ƙwayoyinsu, wanda ake kira Dafi, da bibaks ke kamawa ya shiga, shi ya sa a wajenmu kumburarriyar ƙwaya mai ɗigo obale ce har sai an tabbatar da akasin haka. Ba a ce ba ya faruwa sam ba, gwajin PCR ya gano bibaks a jinin marasa Dafi a Najeriya, Kamaru da Mali. Amma wanda ke aiki a gabashin Sudan, wajen Gadarif ko Kasala inda Hausawa ke da yawa, ko wanda majiyyacinsa ya dawo daga Habasha, Indiya ko Pakistan, dole ya sa bibaks a gaba. Na biyar ɗinsu, nolesi, na birai ne a kudu maso gabashin Asiya, musamman Malesiya. Yana ƙarami kamar falsifarum, ya girma kamar malariye, yana kuma ninkuwa kowace awa 24. Ba za ka gamu da shi ba sai a jinin matafiyi, amma idan wanda ya dawo daga can ya zo da abin da ya yi kama da malariye mai yawan gaske, kada ka sa hannu a kan malariye.

Bari mu bi gilashi ɗaya daga farko zuwa ƙarshe. A ce magidanci ne ya zo cikin watan Fabrairu, sauro ya yi sauƙi, yana zazzaɓi kwana ɗaya ya huta kwana ɗaya. Wata uku da suka wuce an ba shi maganin maleriya na kwana uku ya warke sarai. An yi masa gwajin tsinke na RDT ya nuna babu. Kada wannan ya sa ka duba gilashin da rabin ido: tsinken da ya fi yawa a asibitocinmu yana neman sinadarin HRP2 ne, wanda falsifarum kaɗai ke yi, don haka obale ko malariye za su wuce ta gabansa bai gani ba.

A mai kauri, fili goma na farko babu komai. A na sha huɗu sai ga abu guda, dunƙulalle, jan ɗigonsa babba, jikinsa shuɗi mai kauri, da 'yan ƙwayoyin figiment masu ruwan ƙasa. Ka ci gaba, sai ga zobe kakkaura, can kuma wani babba da jan ɗigonsa ya rabu huɗu. Matakai daban-daban, adadi kaɗan, babu sirarin zobba, babu ayaba: zuciyarka ta bar falsifarum ke nan. Ka koma gefen shimfiɗar, ka tarar biyu daga cikinsu suna zaune cikin inuwa ruwan hoda. Malariye ma ya fita.

Sai ƙirge. Da abin ƙirge biyu a hannu, ɗaya na farasayit ɗaya na fararen ƙwayoyi, kana tafiya fili bayan fili. Idan ka kai fararen ƙwayoyi 200 kuma farasayit sun kai 100 ko fiye, ka tsaya. Idan ba su kai ba, ka ci gaba zuwa 500. Namu bai kai ba, a 500 muka sami 46. Ana ɗaukar cewa kowace maikirolita ta jini tana da fararen ƙwayoyi 8000, sai dai in kana da ainihin adadin na majiyyacin, wanda ya fi:

```
46 ÷ 500 × 8000 = 736
```

Farasayit 736 a maikirolita. Wannan adadi yana gaya maka wani abu game da siririya: a irin wannan ƙarancin, jar ƙwaya ɗaya cikin dubu shida ko bakwai ce ke ɗauke da shi, fili ɗaya kuma bai wuce ƙwaya ɗari biyu zuwa uku ba. Wato za ka iya wuce fili ashirin ko talatin kafin ka ga guda. Wanda bai yi wannan lissafin ba yakan duba fili goma ya ce siririyar ba ta nuna komai ba. Ka ba ta minti goma sha biyar ko ashirin, kana bin gefuna. Ta farko da ka samu ta ɗan fi maƙwabtanta girma, cike da ɗigo masu duhu, farasayit a dunƙule a tsakiya, amma kewayayya ce. Ba ka yanke hukunci da ita. Ta biyu haka. Ta uku ta yi ƙwai, bakinta ɗaya a yayyage, maƙwabtanta kuwa lafiyarsu ƙalau. Ta biyar shizon ce mai 'ya'ya takwas. Babu ko ɗaya mai yagaggen jiki, babu wadda ta ninka maƙwabtanta. Mutumin kuma bai taɓa fita ƙasar ba. Abin da za ka rubuta ke nan:

```
P. ovale trophozoites and schizonts seen, 736 parasites/µL
```

Ga dalilin da ya sa minti ashirin ɗin nan ba asara ba ne. Obale da bibaks suna barin wasu 'ya'yansu suna barci a hanta, su farka bayan makonni ko watanni ba tare da sabon cizon sauro ba. Maganin kwana uku yana share na jini ne kawai. Mai yiwuwa wata uku da suka wuce mutumin nan yana ɗauke da falsifarum da obale tare, aka ga na farko aka rubuta, aka kashe duk na jini, na hanta ya jira lokacinsa. Idan ka sake rubuta falsifarum, za a sake ba shi na kwana uku, ya sake dawowa, a fara cewa maganin jabu ne ko taifot ce. Idan ka rubuta obale, likita zai yi tunanin firimakwin na kwana 14, bayan ya duba G6PD, domin ƙarancin wannan sinadari ya yawaita a cikinmu kuma firimakwin yana fasa jinin mai ƙarancinsa. Ba a kuma ba mai ciki. Malariye ba ya kwana a hanta, amma yana iya zama a jini shekaru a ƙasa-ƙasa, zazzaɓinsa kowace awa 72, kuma an daɗe da danganta shi da ciwon ƙoda mai kumbura yara.

Kalma biyu a kan rubuta sakamako. Alamar tarawa ɗaya, biyu, uku da aka saba da ita ba ta da amfani sosai, domin abin da wani ya kira biyu wani uku zai kira shi, kuma ba a iya bin ta a ga ko magani na aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi son adadi a maikirolita. Gametosayit ba a haɗa su cikin ƙirge, a ambace su daban. Gilashin da babu komai a kansa sai ayaba yana nufin mutumin ya yi falsifarum kwanan baya, yana kuma iya ba sauro, amma ba lalle ita ce ke sa shi zazzaɓin yau ba, a nemi wani dalilin. Kada ka ce babu sai ka duba fili 100 na mai kauri, kuma ko ka ga falsifarum a fili na farko, ka cika ɗarin nan kana neman na biyu. Idan babu, zazzaɓi kuma bai sauka ba, a sake ɗaukar jini bayan awa 12 zuwa 24.

Wani lokaci gilashi ba zai ba ka suna ba. Zobba uku kacal, majiyyaci ya riga ya sha magani ya lalata musu siffa, siririya ba ta nuna komai ba. A irin wannan ka rubuta cewa an ga farasayit, ba a tantance nau'i ba, likita zai ɗauke shi a matsayin falsifarum don shi ne mai kisa da sauri. Idan kumburarriyar ƙwaya mai ɗigo ce amma ka kasa raba obale da bibaks, rubuta hakan. Maganinsu hanya ɗaya yake bi, ba ka cuci kowa ba. Shi kansa obale iri biyu ne da madubi ba ya rabawa sai PCR.

Gilashin farko na obale ko malariye da ka samu, kada ya tafi kwandon wanki. Ka kwantar da shi a kan takarda mai laushi ta tsotse man, kada ka goge, musamman mai kauri da ba a kafe ba. Ka rubuta masa lamba ba suna ba, ka ajiye a akwatin gilasai nesa da rana da danshi, ka kai wa wanda ya fi ka gani ya karanta ba tare da ka gaya masa abin da ka gani ba. Idan jinin na kwalba ne kuma sabo, ka shimfiɗa guda biyar ko shida a lokacin, ka rina ɗaya da ruwan da kuka saba, ɗaya da ruwan bafa, ka jera su ka ga wanne ya nuna ɗigon.